Farashin Gero a Tunuga da Gaya: Amfani da Iyakar Tsarin Markov Mai Hali Biyu

Tsakure

Maƙalar tana duba yadda tsarin lissafi mai sauya hali zai iya bayyana hauhawar farashin hatsi a Tunuga, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso. Matsayinta shi ne, a kasuwar kan iyaka kuskure ne a ɗauki yiwuwar sauyin hali a matsayin lamba guda da ba ta motsi.

Matsalar

Kasuwannin wannan yanki suna kallon Malanville ta Benin a ƙetaren kogin Kwara, suna kuma kallon Kamba ta jihar Kebbi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, shi ya sa farashi kan daɗe a kwance. Amma yakan zabura. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A 2023 kuwa abubuwa sun taru: cire tallafin fetur a Najeriya a Mayu, sakin naira a Yuni, sai takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. Tsarin da ke da matsakaici ɗaya yana cakuɗa watannin kwanciya da na tashi, ya fitar da lambar da ba ta dace da ko ɗaya ba.

Tsarin

James Hamilton ya gabatar da tsarin Markov mai sauya hali a 1989 don rarrabe bunƙasa da koma-bayan tattalin arzikin Amurka. A nan sai mu ce:

π(t) = μ(s) + σ(s)·ε(t), s = 1 ko 2

π shi ne canjin farashin buhun gero a wata, μ matsakaicinsa, σ kuma faɗin kai-komonsa. Ba a ganin halin s da ido, daga farashin ake gano shi.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa kawai. A halin kwanciya μ = 0.3 cikin ɗari, σ = 1; a halin tashi μ = 3, σ = 4. Yiwuwar kwanciya ta ɗore zuwa wata mai zuwa 0.95 ce, ta tashi 0.80. Tsawon da ake sa ran hali zai yi shi ne 1/(1 − p), inda p ita ce yiwuwar ɗorewar halin, wato wata 20 da wata 5.

A ce a watan jiya yiwuwar ana cikin tashi 0.10 ce. Kafin a ga sabon farashi, hasashe shi ne 0.10 × 0.80 + 0.90 × 0.05 = 0.125. Sai gero ya hau da kashi 3. Irin wannan hawa ya fi dacewa da halin tashi kusan ninki goma (0.0997 a kan 0.0104), don haka yiwuwar ta koma 0.58. Idan ya sake hawa da kashi 3 a wata na biyu, ta kai 0.90. Tsarin bai yanke hukunci da wata ɗaya ba, kuma wannan haƙurin ne ya sa nake ganin ya fi dacewa da masu tanadin abinci a kan duba hawan wata guda.

Inda yake tuntuɓe

Gero yana tsada kowace shekara daga bazara zuwa tsakiyar damina, ya sauka da kaka. Idan aka zuba farashin da hukumar SIMA ke tattarawa a cikin tsarin ba tare da cire wannan zagaye ba, zai kira kowace damina halin tashi. Alamar a fili take: yiwuwar tana hawa a watanni iri ɗaya duk shekara. Dole a fara cire tasirin kowane wata.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Lambar 0.05 tana nufin haɗarin shiga tashi ɗaya ne ko gadar Gaya zuwa Malanville a buɗe take ko a rufe. Wanda ya ga manyan motoci sun yi layi a Malanville a 2023 ba zai yarda da haka ba. Filardo ya nuna a 1994 cewa ana iya barin yiwuwar ta bi wasu ma'aunai. A Tunuga ma'aunan da suka dace su ne canjin naira da sefa a hannun ƴan canji, da kuma halin iyaka. Sai dai a raba iyakokin biyu, domin CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, aka buɗe ɓangaren Najeriya, amma Nijar ta bar na Benin a rufe.

Gyaran yana da tsada. Ko da watannin sun kai ɗari uku, lokutan tashi na gaske ba su da yawa, kuma daga su kaɗai ake kimanta μ da σ na hali na biyu. Mai bincike ya cire 2023 ya sake lissafi; idan lambobin suka rushe, abin da ya kama aukuwa ɗaya ce, ba hali mai maimaituwa ba. Haɗa jerin farashin Gaya da na Dosso da Kamba a ƙarƙashin hali guda zai ƙara shaidar da ake da ita kan kowane sauyi, muddin an mayar da farashin Kamba zuwa sefa da canjin kasuwa, ba na banki ba.