Jinya bayan fiɗar haihuwa: kula da miki da gane alamomin haɗari

Ƴar'uwa mai jego, idan an ciro miki jariri ta hanyar fiɗa, ki sani ɗinki biyu ne a jikinki. Ɗaya yana kan fatar mara, kina ganinsa. Ɗayan yana ciki, a jikin mahaifa, ba kya ganinsa. Na waje yakan haɗe cikin sati biyu, amma na ciki yana bukatar sati shida ko fiye. Saboda haka bushewar fata ba ita ce warkewa ba.

Yadda za ki kula da mikin

Kafin ki bar asibiti, ki tambayi ungozoma ranar da za a sake ɗaurin mikin, da kuma ko zarenki mai narkewa ne ko wanda ake cirewa. Muddin akwai ɗauri, kada ki jiƙa shi, kada ki kwance shi da kanki. Bayan an cire ɗaurin, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa wurin. Ki zuba ruwa mai tsabta, mai ɗan ɗumi, sannan ki tsane wurin da tsumma wankakke ba tare da gogawa ba. Ki ɗaura zane sako-sako a saman cibiya, domin zufa da gugar zane suna hana miki bushewa.

Kada a sa toka, man shanu, garin itace ko garin kafso a kan ɗinkin. Wankan jego da tafasasshen ruwa, da bugun ciki da ganye, da danna mara, duk ba su dace da wadda aka yi wa fiɗa ba. Fatar da ke kusa da ɗinkin takan yi makonni ko watanni ba ta ji sosai, don haka tana iya ƙonewa ba ki sani ba.

Har sati shida, kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Daka, jan guga da ɗaukar tulu su koma hannun wasu. Amma ki riƙa takawa a hankali cikin gida kullum, domin yawan kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Alamomin ruɓewar miki

Ki duba wurin kowace safiya da haske, ko wata ta duba miki. Ciwon da ke raguwa kullum, da ɗan ƙaiƙayi, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, ko kumburi mai tauri da zafi idan an taɓa, ko mugunya da ruwa mai wari, ko bakin ɗinki ya buɗe, ko zazzaɓi. A baƙar fata ja ba ya fitowa fili, don haka ki dogara da taɓawa. Waɗannan alamomi sun fi bayyana daga kwana na 4 zuwa na 7, lokacin da mata da yawa sun riga sun koma gida.

Ga misali. Mace ta kwana shida da fiɗa, gobe suna. Da yamma sai ta ji rawar ɗari, gefe guda na ɗinkin ya yi tauri, zanenta kuma ya jiƙe da ruwa ruwan ɗorawa. Ƴan gida suka ce zazzaɓin sauro ne, a bari a gama suna. Wannan kuskure ne. Zazzaɓin sauro ba ya kumbura ɗinki. Abin da ya dace shi ne a rufe wurin da tsumma mai tsabta, kada a matse shi, a kai ta likita a ranar. Can ne za a auna jini, a wanke mikin, a ba da maganin da ya dace.

Jinin biƙi da zubar jini mai haɗari

Wadda aka yi wa fiɗa ita ma tana yin jinin biƙi. Kwana uku ko huɗu na farko ja ne, sannan ya dusashe, daga baya ya koma fari-fari, ya ɗauke cikin sati huɗu zuwa shida. Ƙa'idarsa ita ce ya riƙa raguwa.

Idan ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa guda, ko gudan jini mai girman ƙwan kaza ya fito, ko jini ya dawo ja da yawa bayan ya ragu, to a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka kuma idan kin ji jiri, zuciya na bugawa da sauri, jiki ya yi sanyi, ciki ya kumbura, ko da ba ki ga jini ba, domin yana iya zuba daga ciki. Jini mai wari tare da ciwon mara da zazzaɓi kuwa alama ce ta ciwo a mahaifa. Kumburin ƙafa guda mai ciwo, ko numfashi da kyar, su ma ba a kwana da su.

Tun ranar da kika dawo gida, ki sa maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar direba, kuma takardar sallamarki ta zauna inda kowa ya sani.