Alƙunutun Asuba da na Wutiri a Ƙasar Gumel: Asalin Lafuzzan Biyu da Ma'anarsu

Wanda ya saba yin sallar Asuba a tsofaffin masallatan Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san wani ɗan shiru da liman kan yi a raka'a ta biyu, bayan ya gama sura, kafin ya sunkuya. A cikin shirun nan ne ake karanta alƙunutu. Sai dai idan Ramadana ya zo, matashin da ya taso a wannan sahu yakan ji limaman Makka da Madina suna ɗaga murya da wata addu'a dabam a wutiri, bayan ruku'u, jama'a na amsawa da amin. Daga nan wasu kan ɗauka na gida bidi'a ne, wasu kuma su ɗauki wancan baƙon abu. Tarihi yana nuna cewa lafuzzan biyu duk tsofaffi ne, kowanne da hanyar da ya biyo ya iso gare mu.

Masarautar Gumel, wadda aka kafa wajen shekarar 1750, ta kasance cikin da'irar Barno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Amma wannan bambancin siyasa bai taɓa alƙunutu ba, domin Barno da Sakkwato duk Malikiyya suke bi, kuma littattafan zaure iri ɗaya ne. Ɗalibi yakan fara da Ahalari, ya haddace lafazin a Ishmawi, ya sake tarar da shi a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386 H), sannan ya ga hukuncinsa a taƙaice a Muhtasar na Halil: mustahabbi ne, a asirce, a Asuba kaɗai, kafin ruku'u. Malamai sun ce an fifita shi kafin ruku'u ne domin tausaya wa wanda ya makara, ya samu raka'ar.

Tushen wannan hukunci shi ne Mudawwana ta Sahnun (ya rasu 240 H). A cikinta an kawo ta hanyar Ibn Wahab, daga Halid bn Abi Imran, cewa Mala'ika Jibrilu ne ya koya wa Annabi (SAW) wannan lafazi yayin da yake addu'a a kan ƙabilar Mudar. Ruwayar mursal ce, wato babu sahabi a isnadinta. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne aikin Sayyidina Umar (RA), wanda Abdurrazzaƙ da Baihaƙi suka ruwaito cewa yana karanta shi a Asuba. An kuma ruwaito cewa Ubayyu bn Ka'ab (RA) ya rubuta shi a mus'hafinsa, ko da yake al'umma ta haɗu a kan cewa ba ya cikin Alƙur'ani.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa saɓanin ba sabo ba ne, har a cikin gidan Malikiyya. Muwaɗɗa ta Imam Malik (ya rasu 179 H), a ruwayar Yahya bn Yahya Allaisi, ta kawo cewa Abdullahi bn Umar ba ya alƙunutu a kowace salla, kuma Yahya kansa bai kasance yana yi ba. Masu barin sa suna cewa alƙunutun Annabi na musiba ne, kamar na wata guda da ya yi bayan kisan makaranta Alƙur'ani saba'in a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4 bayan Hijira. Masu yi kuma suna kafa hujja da hadisin Anas cewa bai daina shi a Asuba ba har ya bar duniya, hadisin da malamai suka yi saɓani kan mai ruwayarsa Abu Ja'afar Arrazi. Ashe muhawarar da ta ƙara zafi a Arewa bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ta girme mu da fiye da shekara dubu.

Lafazin Asuba kashi biyu ne. Na farko neman taimako ne da gafara, da furta imani da dogaro ga Allah, da barranta daga masu kafirce masa. Na biyu keɓe bauta ne gare Shi, da fatan rahamarsa da tsoron azabarsa. Kalmomi huɗu ne suka fi wahalar da ɗalibai. Nakhna'u ma'anarta muna ƙasƙantar da kai, muna rusunawa. Nakhla'u asalinta tuɓewa ne, kamar yadda ake tuɓe riga, kuma daga tushenta aka samo kalmar hul'i a babin aure. Nufinta a nan muna tuɓe duk wani addinin ɓata. Nahfidu, da harafin dal, tana nufin gaggawa cikin hidima. Tushenta ɗaya da kalmar da ta zo a aya ta 72 ta Suratun Nahli, wadda masu tafsiri suka fassara da jikoki ko masu hidima. Wanda ya mayar da ita nahfazu ya koma maganar kiyayewa ko hadda, ma'ana ta sauka daga kan hanyarta. Ta ƙarshe kuwa ana karanta ta mulhiƙ da wasalin ƙasa, wato azabar mai riskar kafirai ce, ko mulhaƙ da wasalin sama, wato Allah ne zai riskar musu da ita. Duka biyun malaman luga sun yarda da su, don haka babu dalilin gyara wa liman.

Lafazi na biyu shi ne wanda Annabi (SAW) ya koya wa jikansa Hasan bn Ali (RA) domin wutiri, kuma ma'abota Sunan huɗu sun ruwaito shi. Wannan roƙo ne tsantsa: shiriya, lafiya, jiɓintar Allah, albarka cikin abin da aka ba bawa, da tsari daga sharrin abin da aka hukunta. Abin lura a cikinsa shi ne mai roƙon ba ya neman shiriya shi kaɗai, yana neman a sanya shi cikin waɗanda aka shiryar. Shafi'iyya suna karanta shi a Asuba bayan ruku'u, da kuma wutirin rabin ƙarshe na Ramadana. Hambaliyya suna yin sa a wutiri duk shekara. Hanafiyya kuwa suna alƙunutun wutiri kafin ruku'u, amma da lafazin da mu muke yi a Asuba. Mashhurin Malikiyya shi ne babu alƙunutu a wutiri.

Kuskuren da ya fi haɗari ba a lafazi yake ba, a gyaran mantuwa yake. A ɗauka ɗan kasuwa ya yi sammako zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya tsaya ya yi Asuba shi kaɗai, ya gama sura a raka'a ta biyu ya wuce ruku'u, sai ya tuna bai yi alƙunutu ba. A Malikiyya ba zai koma tsaye dominsa ba, domin ba a barin farilla a koma wa mustahabbi. Idan ya koma bayan ya natsu a ruku'u, sallarsa ta ɓaci. Abin da zai yi shi ne ya karanta shi bayan ɗagowa. Idan bai tuna ba sai a sujada, ya ci gaba, babu komai a kansa. Idan kuwa ya yi ƙabli saboda shi da gangan ko da jahilci, ya ƙara sujadu biyu a cikin salla ba da dalili ba, sai ya sake ta. Amma da a bayan liman Bashafi'e yake, liman ya yi sujada domin barin alƙunutu, sai ya bi limaminsa.

Wannan hukunci shi ne ma'aunin matsayin alƙunutu a mazhabar da ƙasar Gumel ta gada: abin da barinsa ba ya jawo ko da sujadar rafkanwa bai kai ya raba sahu ba. Wanda ya yi yana da Umar, wanda ya bari yana da ɗan Umar. Allah ne Mafi sani.