Haƙorin kare da ƙafar zakara: zane ɗaya, girma dabam

Makiyayan tumaki na kan iyakar Sikotlan da Ingila sun daɗe suna yafa mayafin ulu mai baƙi da fari, wanda aka saƙa da gashin tumakinsu. Lissafin saƙar ba shi da wuya. Masaƙi yakan jera baƙin zare huɗu, fari huɗu, a tsaye da a gicciye, kowane zaren gicciye ya hau biyu ya bi ƙarƙashin biyu, sannan ya gusa da zare ɗaya a layi na gaba. Wannan gusawar ce take tsaga kusurwoyin murabba'in, ta fitar masa da tsini. Ingilishi suka ce haƙorin kare ne, Faransawa suka ce ƙafar kaza. Dabarar ta girme su duka, domin mayafin Gerum da aka tono a Suwidin, mai irin wannan zane, ya haura shekara 2,000.

A ƙarni na 19 masu hali na Birtaniya suka ɗauki yadin makiyaya suka mai da shi kwat, kuma abin da suka sauya shi ne kaurin zare. Zanen yana maimaita kansa bayan zare takwas. In zaren siriri ne, 24 a santimita ɗaya, kowane haƙori bai wuce milimita uku da 'yan kai ba, kuma daga taku biyar ido ba ya rabe baƙi da fari, sai ya ga toka-toka mai laushi. Wanda ya san yadda rigar saƙi take rikiɗa ta zama launi guda daga nesa ya san wannan. In kuwa zare huɗu ne kacal a santimita, zanen ya kai santimita biyu, kuma shi ake fara gani kafin mai rigar. Faransawa ba su yarda su kira wannan kaza ba, sai suka ce ƙafar zakara. Alexander McQueen ya kai girman maƙura a tufafin da ya nuna a 2009, inda zanen ya kusa haɗiye surar jiki ɗungurungum.

Babban zane yana da tsada ta wata fuskar. Dole haƙora su haɗu daidai a ɗinkin tsakiyar baya da bakin aljihu, wanda ke cin ƙarin yadi, kuma a ƙaramar kwala ɗaya da rabi kawai zai samu wuri.

Sai kuma alkibla, wadda ta fi saurin tona asirin tela. Haƙorin yana fuskantar kusurwa ɗaya. In aka juya yadi sama a ƙasa don tattali yayin yanka hannun riga, baƙaƙen haƙoran hannun za su kalli ƙasa alhali na ƙirji suna kallon sama. A ƙaramin zane da wuya a lura, amma a ƙafar zakara ana hango saɓanin tun daga bakin ƙofa.