Kuskuren sanya "will" ko "would" bayan "if" a Turanci

Jimlar sharaɗi a Turanci tana da sassa biyu: sashen sharaɗi, wanda ke farawa da "if", da kuma sashen sakamako.

Masu koyo kan sanya "will" a sashen sharaɗi, ganin cewa lamarin bai riga ya faru ba. Mai son cewa "Idan aka yi ruwa gobe, za mu yi shuka" sai ya rubuta: "If it will rain tomorrow, we will plant."

Daidai shi ne: "If it rains tomorrow, we will plant." Ko a jimlar Hausar ma, "za" yana sashen sakamako ne kaɗai.

Haka ƙa'idar take ga "would". Fassarar "Da ina da kuɗi, da na sayi mota" ita ce "If I had money, I would buy a car", ba "If I would have money" ba.

Sai dai kuma ana amincewa da su wajen roƙo cikin ladabi, kamar "If you would wait here, please", da kuma inda "if" ke nufin "ko": "I don't know if he will come", wato "Ban sani ba ko zai zo."