Saiwa Mai Baƙi Uku a Larabci: Tarihin Nazarinta

Saiwa mai baƙi uku ita ce jerin baƙaƙe uku da mafi yawan kalmomin Larabci ke tsirowa daga cikinsu. Malaman sarfu suna kiranta asali ko madda. Saiwar tana riƙe da gundarin ma'ana, amma ba a furta ta ita kaɗai. Sai an zuba ta cikin wani ma'auni na wasula, wani lokaci da ƙarin baƙaƙe, sannan ta zama kalma. Wannan tsari gado ne da Larabci ya yi tarayya a kansa da danginsa, irin su Ibrananci da Aramiyanci da Ge'ez na ƙasar Habasha.

Yadda saiwa take haihuwa

A ɗauki ha ƙarami da kaf da mim, wato h-k-m. Idan aka sa wa kowanne fataha, sai a sami hakama, ya yanke hukunci. Idan aka ja wasalin farko, aka yi wa baƙi na biyu kisira, sai a sami haakim, mai yankewa. Wanda aka yanke wa shi ne mahkuum, wurin da ake yankewa kuma mahkama. Aikin kansa hukm ne, masu tafiyar da shi hukuuma. Daga nan ne hikma ta fito, da mai ita, hakiim.

Ana kuma ƙara wa aikatau baƙaƙe don a juya ma'anarsa. Hakkama, mai shadda a tsakiya, shi ne ya naɗa wani ya raba gardama. Haakama shi ne ya kai wani gaban shari'a, tahaakama kuwa mutane ne suka kai juna. Ahkama shi ne ya kyautata abu ya ɗaure shi tamau, kuma daga gare shi ne aka sami muhkam da ɗaliban tafsiri suka sani. A duk waɗannan, baƙaƙen uku suna nan a jere, babu wanda ya tsallake ɗan'uwansa. Hausa ta aro 'ya'yan wannan gida ɗaya bayan ɗaya: hukunci, hukuma, hakimi, hikima. Ba ta aro tsarin ba, shi ya sa da ta buƙaci wata kalma sai ta ƙera mahukunta a maƙerarta.

Malaman Basra

Larabawa sun daɗe suna sarrafa harshensu haka kafin a rubuta ƙa'idarsa. Wanda ya fara gina ƙamus a kan saiwa shi ne Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Basra na ƙarni na 8 miladiyya, wanda ake danganta wa Kitabul Aini. Ya jera baƙaƙe bisa mafitarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, ya fara da ainun, wanda littafin ya ci sunansa. Ya lura cewa baƙaƙe uku suna iya sauya wuri sau shida, don haka yakan kawo juyin su wuri guda, ya bayyana wanda Larabawa ke amfani da shi, ya ware wanda suka bari.

A littafin ɗalibinsa Sibawaihi, wato Alkitab, ana ganin ma'aunin da har yau ake karantarwa. An ɗauki f-'-l, saiwar da ke nufin aikatawa, aka mai da ita sikeli: baƙin farko na kowace saiwa ana kiransa fa'un, na biyu ainun, na uku lamun. Haakim yana kan ma'aunin faa'il, mahkama tana kan maf'ala. Duk baƙin da ya fito a ma'auni bayan waɗannan ukun ƙari ne, kamar mim ta farkon mahkama. Baƙaƙen ƙari goma ne, malamai suka tara su cikin kalmar sa'altumuuniihaa don sauƙin hadda.

Mutanen Basra da na Kufa sun saɓa kan wanda ya haifi wani. Basra ta ce masdari, wato sunan aiki irin hukm, shi ne tushe, domin yana nuna aiki kawai, aikatau kuwa ya ƙara lokaci a kai. Kufa ta ce aikatau ne tushe. Al-Anbari, wanda ya rasu a 1181, ya tara hujjojin ɓangarorin biyu a littafinsa Al-Insaf.

Neman ma'ana guda

A ƙarshen ƙarni na 10 tambayar ta koma kan ma'ana: me ya haɗa 'ya'yan saiwa ɗaya? Ibn Faris, wanda ya rasu a 1004, ya rubuta Maƙayisul Lugga domin wannan. A wajensa asalin h-k-m shi ne hanawa. Hukunci yana hana zalunci, hikima tana hana jahilci, kuma Larabawa suna kiran wani ɓangare na linzami hakama saboda yana hana doki fizgewa. Haka j-n-n, asalinta ɓoyuwa: aljani ba a ganinsa, janiin yana ɓoye a ciki, janna lambu ne da itatuwa suka rufe, majnuun kuwa hankalinsa ne aka lulluɓe. Inda kalmomi suka ƙi haɗuwa, Ibn Faris yakan ba saiwa asali biyu ko fiye, bai tilasta musu ba.

Ibn Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya zarce haka a Al-Khasa'is. Ya ce juyin nan shida ma suna iya komawa ga ma'ana ɗaya, ya kawo k-l-m da k-m-l da m-l-k da l-k-m a ƙarƙashin ƙarfi da tsanani. Wato kalma da kamala da mulki dangi ne a wajensa. Shi da kansa ya yarda cewa wannan ba ya tafiya a ko'ina cikin harshen.

Ƙamus da wahalar lalubo saiwa

Tsarin Khalil ya yi wa mai nema nauyi. Jauhari a As-Sihah ya jera saiwoyi bisa baƙin ƙarshe, Lisanul Arab na Ibn Manzur da Alƙamusul Muhit na Fairuzabadi suka bi sahunsa. A cikinsu ana neman mahkama ne a babin mim, fasalin ha. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya bi baƙin farko a Asasul Balaga, hanyar da mafi yawan ƙamusoshin zamani suka ɗauka.

Inda ɗalibi ya fi tuntuɓe shi ne saiwa mai wau ko ya, domin waɗannan baƙaƙe sukan rikiɗe ko su faɗi. Ƙaala, wato ya ce, ba ta nuna baƙinta na tsakiya, sai an duba yaƙuulu da ƙaul sannan wau ɗin ya bayyana. Miizaan ma daga w-z-n take, jam'inta mawaaziin ke tona asirin. Dabarar ita ce a juya kalmar zuwa masdari ko jam'i har baƙin da ya ɓuya ya fito. Kuma ba kowace kalma ce mai uku ba: zalzala da tarjama baƙi huɗu gare su.

Ilimin ya iso ƙasar Hausa ta makarantun zaure, inda ake karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe sarfu a Alhisnur Rasin. A ƙasashen Larabawa saiwar tana ci gaba da haihuwa: da kwamfuta ta zo, sai aka ɗora h-s-b, saiwar hisabi, a kan ma'aunin faa'uul, aka kira ta haasuub.