Rijiyar burtsatse da kimar gobe: wane kason ragi ya dace?

Naira miliyan ɗaya ta yau ta fi ta shekara ashirin mai zuwa daraja, ko da farashi bai motsa ba. Shi ya sa mai auna riba da tsadar aikin gwamnati yakan rage wa amfanin gaba kima da wani kaso kowace shekara. Zaɓen wannan kaso ne ke raya aiki ko ya binne shi tun yana kan takarda.

Mu ƙaddara burtsatse mai aiki da hasken rana da ta ci Naira miliyan 20, gida 200 na ɗiba. Kowane gida ya huta da tafiyar awa guda a kullum, muka yi wa awar kuɗi Naira 50: miliyan 3.65 ke nan a shekara. A cire 650,000 na gyaran fanfo da albashin mai gadi, saura miliyan 3. Idan ta yi shekara 20, ragin kashi 12 cikin ɗari zai mayar da jimillar amfanin miliyan 22.4, wato da ƙyar ta sha. Da kashi 3.5, wanda baitulmalin Birtaniya ke amfani da shi, miliyan 42.6 ne. Amfanin ruwan da za a ɗiba a shekara ta ashirin, lissafin farko ya sa shi a Naira 311,000, na biyu miliyan 1.5.

Masu goyon bayan kashi 10 zuwa 12, wanda Bankin Duniya ya daɗe yana bi a da, suna da hujja: jari ya yi ƙaranci, kuɗin da aka zuba a rijiya an hana wa asibiti. Amma ƙa'idar Frank Ramsey ta 1928, r = ρ + ηg, ta rataya ragin ne a kan gaggawar al'umma da kuma yadda ake sa ran na baya za su fi mu wadata. Inda abin da kowane mutum ke samu ba ya ƙaruwa sosai, g ƙarami ne; da ρ = 1, η = 1.5, g = 2, amsar 4 ce. Da wane ido za mu ce jikokin manomi sun fi shi hali, don haka ruwansu bai kai nasa ba?

Wasu kan ɗaga kason don tsoron lalacewa. Kuskure ne a ganina, domin yana ɓoye cutar. Mun sha ganin tanki a tsaye, bututu ya bushe, 'yan garuwa sun dawo da kurarsu. In rijiyar nan ta mutu a shekara ta biyar, amfaninta miliyan 13.5 ne ko da kashi 3.5, asara ƙarara. Wurin rubuta haɗarin shi ne tsawon ran aikin da kasafin gyara. Haka kuma ba a ɗauko kuɗin ruwan banki, wanda hauhawar farashi ke cikinsa, a ɗora kan amfanin da aka lissafa da farashin bana.

Ina ganin ma'aikatun ruwa su yi lissafi da kashi 4 zuwa 6, su gwada da 12, sannan kada a sa hannu kan kwangila sai an san wanda zai sayi sabon fanfo ranar da na farko ya ƙone.