Haƙƙin Mai Sallama Kafin Buƙatarsa: Nazari Daga Mahaɗar Diko

Diko gari ne na Gbagyi a ƙaramar hukumar Gurara ta jihar Neja, cikin masarautar Suleja. Matafiya sun fi saninsa da mahaɗarsa, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. A nan direban tirela daga Kano, da manomiya mai doya, da Bafillatana mai nono, da ɗan kasuwa daga kudu suke haɗuwa a bakin shago ɗaya, kuma mafi yawan maganarsu da Hausa ake yi. A irin wannan wuri sallama ba ta yankewa daga asuba har dare. Abin da ke yankewa shi ne amsarta. Mutum ya ce "Salamu alaikum", mai shago, idonsa na kan waya, ya ce "Me za a ba ka?" Hujjar wannan maƙala ita ce, amsar sallama haƙƙi ne mai zaman kansa, kuma wurinsa gaban tambaya ne, domin idan tambaya ta riga shi, ya koma abin da ake bayarwa gwargwadon amfanin baƙo.

Asalin hukuncin yana aya ta 86 ta Suratun Nisa'i, wadda ta umarci wanda aka gaisar ya mayar da mafi kyau, ko aƙalla kwatankwacin abin da aka ba shi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ɗalibai ke bi a zaurukan Arewa, ta rarrabe abu biyu: fara sallama sunna ce, mayar da ita wajibi ne. Ke nan wanda ya yi shiru bai yi sallama ba ya bar falala, amma wanda aka yi wa ya ƙi amsawa ya bar farilla. Idan jama'a ce, amsar mutum ɗaya ta wadatar musu. Mai shagon da ke zaune shi kaɗai ba shi da wanda zai ɗauke masa.

Amsar tana da ma'auni. Hadisin Imrana bin Husain, a wajen Abu Dawuda da Tirmizi, ya nuna matakai uku: sallama kaɗai lada goma, da rahama ashirin, da albarka talatin. Wanda ya ce "Assalamu alaikum wa rahmatullah" ba a mayar masa da "Wa alaikumus salam" a tsaya, domin an rage masa. A kai masa rahamarsa, in an ƙara "wa barakatuhu" an kyauta. A nan ne iyaka, kamar yadda Muwaɗɗa Malik ta ruwaito daga Ibn Abbas cewa sallama tana ƙarewa a albarka. Gyaɗa kai, ko "yauwa", ko "sannu da zuwa" duk ba su biya ba. "Sannu da zuwa" gaisuwa ce mai kyau, amma bayan amsa take zuwa.

To, me ya sa sai amsa ta gabaci tambaya? Wasu sukan kawo hadisin da ke cewa sallama tana gaban magana, amma Tirmizi da ya ruwaito shi ya raunana shi da kansa, don haka ba a dogara a kansa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda Nawawi ya bayyana a Al'azkar, cewa amsa tana zuwa ne nan take, idan an jinkirta ta ba a ƙirga ta amsa. Wanda ya tsaya ya ji buƙata, ya yi ciniki, sannan ya tuna, ya riga ya makara.

A ɗauki misalin shagon magani a bakin mahaɗa, da misalin ƙarfe takwas na safe. Dattijo ya shigo da takardar asibiti, ya yi sallama. Yaron shago yana ba wata mata canji. Abin da ya dace shi ne ya ɗaga kai, ya amsa da muryar da dattijon zai ji, ya ce "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da zuwa, Baba, ina zuwa." Ya sallami matar, ya juyo ya ce "Ina kwana, Baba? Me za a kawo?" Ba a ɓata ko rabin minti ba. Idan kuwa "Lafiya?" ce ta fara fita daga bakinsa, a kunnen Bahaushe wannan tambayar wanda aka gani ba zato ce, ko wanda ake zargin ya zo da matsala. Alamar an yi kuskure a bayyane take: baƙo yakan maimaita sallamar da ƙarfi, ko ya ce "Ai sallama na yi."

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne sallamar mabaraci. Almajiri ya tsaya da robarsa, ya yi sallama, sai a ce masa "Allah ya ba da haƙuri" tun bai rufe baki ba. Minti biyu bayan haka Alhaji ya sauko daga mota, a mayar masa har da albarka. Ayar ba ta bambanta su ba. Sadaka tana hannun mai shago, ya bayar ko ya hana, amma amsa ba tasa ba ce da zai hana. Sanya ta a farko shi ke kare ta daga lissafin wane ne zai kawo riba.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da tushe. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta sha fama da masu garkuwa da mutane, don haka magidanci na da dalilin tsoron muryar da bai sani ba da daddare. Sai dai amsa sallama ba izinin shiga ba ne. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta ambaci neman izini da sallama a matsayin abu biyu, aya ta 28 kuma ta ba mai gida damar cewa a koma. Yana iya amsawa ƙofa na kulle, sannan ya ce "Wane ne?" A kan baƙo ne ya faɗi sunansa, domin Buhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) bai so amsar "ni ne" ba. "Bismilla, shigo" ita ce izini.

Ƙorafi na biyu ya shafi Diko kai tsaye, garin da Kiristoci ke da yawa kuma suke sallama da Hausa kamar kowa. Su ma suna da tushensu, domin a Luka 10:5 an umarci almajiran Yesu su fara da salama a duk gidan da suka shiga. Malamai sun saɓa kan yadda Musulmi zai amsa. Da yawa, har da Risala, sun taƙaita amsar, bisa hadisin wasu Yahudawan Madina da ke murguɗa lafazin ya koma addu'ar mutuwa. Ibnul Ƙayyim kuwa ya tafi a kan cewa idan lafazin ya fito sarai, adalci ne a mayar da shi cikakke. A duka ra'ayoyin biyu ana amsawa.

Uzuri na gaskiya kaɗan ne: mai salla yana amsawa da ishara, mai biyan buƙata a bayi da mai sauraron huɗubar Juma'a ba sa furtawa. Cunkoson ciniki ba ya ciki. Don haka kira yana kan iyayen gida a shaguna da tashoshi da ofisoshin Diko da Suleja: yadda suke koya wa yaro farashi da ƙirga canji a makonsa na farko, su koya masa ya amsa sallama cikakkiya, da murya, ga kowa, kafin ya tambayi abin da aka zo nema.